Kwafe Takardar Cefane: "An Saya" Ne Ko "A Saya"?

Takardar cefane ba don wani ake rubuta ta ba. Uwargida ce ke tsaye a kicin, tana buɗe robobi tana duba abin da ya ƙare, tana rubutawa a bayan kwalin magani ko a kan takardar da aka yago daga littafin makarantar yara. Ita ta san abin da take nufi, shi ya sa harafi biyu ko uku ya ishe ta. Matsala tana farawa ne ranar da takardar ta bar hannunta: an ba yaro ya kwafe ta a waya ya tura wa maigida a wurin aiki, ko mai kanti a ƙauye ya ce a tura wa dillalinsa da ke kasuwar Singa a Kano ya haɗa kaya ya ba direba. Wanda zai karanta saƙon bai ga takardar ba, bai ga kicin ɗin ba. Abin da mai kwafe ya rubuta shi ne kawai abin da ya sani, kuma da shi zai kashe kuɗi.

Bari mu ɗauki takarda guda, irin wadda ake rubutawa kullum a gidajenmu, mu bi ta. A ce ga abin da ke jikinta, da shuɗin biro:

shink 2 kw ✓
wake 1 "
m/gyada 1 kw
m/ja ½ ✓
k/miya 2k
nama 1k
kw 10
d/dawa 200
suga (an soke shi da layi ɗaya)

Kafin komai, a ɗauki hotonta, domin takardar cefane ba ta da tsawon rai; mai zai iya zuba a kanta, ko a naɗe ƙuli-ƙuli da ita. Sannan a ƙirga layukan. Tara ne a nan, har da wanda aka soke, maki kuma biyu. A riƙe waɗannan lambobi biyu, don da su za a auna aikin idan an gama. Sai a kwafe ta yadda take, harafi da harafi, ba tare da an cika ko kalma ɗaya ba. Na san wannan zai yi wa wasu kama da ɓata lokaci, tunda kowa ya san "shink" shinkafa ce. Amma hannun da ya saba cika "shink" ba tare da tsayawa ba, shi ne zai cika "kw" ba tare da tsayawa ba, kuma a nan ake faɗawa rami. Kwafi na farko na abin da ido ya gani ne. Abin da hankali ya ɗauka ana nufi, wannan sai a kwafi na biyu.

Dubi "kw" ɗin nan. Sau uku ya fito, kuma ma'anarsa uku. A layin shinkafa kwano ne, don da kwano ake auna ta. A layin man gyaɗa kwalba ce. A layi na bakwai kuwa ya zo ne a farkon layi, a gurbin da ake rubuta sunan kaya, lamba na biye da shi, saboda haka ƙwai ne guda goma; mai sauri ba ta tsayawa lanƙwasa ƙ, kamar yadda ba ta lanƙwasa ɗ ɗin gyaɗa ba. Da a ce akwai taliya a jerin, da "kw" ɗinta na iya zama kwali, wato katan guda, ko ƙwaya, wato leda ɗaya, kuma tsakanin biyun akwai kuɗi mai yawa. Abubuwa biyu ke warware gajartacciyar kalma: gurbin da take a layin, da kuma yadda ake sayar da wannan kaya a kasuwa. Wanda bai taɓa zuwa cefane ba, ko rubutunsa ya kai na akawu kyau, zai sha wuya a nan.

'Yan ɗigo biyun da ke ƙarƙashin "kw" a layin wake ba datti ba ne. Alama ce ta "kamar na sama", wato wake kwano ɗaya. Masu kwafe da yawa suna tsallake ta, sai saƙo ya tafi da "wake 1", mai saye ya yi ta tunanin ko gwangwani ne, ko mudu, ko kwano. Kuma kada mai kwafe ya sauya ma'auni da wanda ya saba da shi. Idan an rubuta kwano, kwano za a tura; idan tiya ce, tiya. Girmansu yana bambanta daga gari zuwa gari, wani lokaci ma daga kasuwa zuwa kasuwa.

Layin da ke raba sunaye biyu ba shi da wuya: "m/ja" manja, "k/miya" kayan miya. Sai dai "d/dawa", wanda mai gaggawa zai karanta dawa. Lambar da ke gefensa ce ke tona shi. Ba wanda zai sayi dawa kwano 200 a cefanen gida, amma daddawa ta naira 200 magana ce da kowa ya sani.

Wannan ya kawo mu ga lambobi, waɗanda a takardar cefane suke aiki biyu ba tare da sanarwa ba: wani lokaci adadin kaya, wani lokaci kuɗi. Kayan miya ba a awonsu da kilo a wurin mai tebur, kashi-kashi ake kasa tumatir da tattasai da attaruhu, don haka "2k" naira 2,000 ce, yadda matasa suka saba rubutawa a waya. Amma "nama 1k" fa? Mahauci yana sayarwa da kilo, yana kuma yanka na kuɗi. Kilo ɗaya na iya zama daidai, na naira 1,000 ma na iya zama daidai. A nan takarda ta gama maganarta, ba abin da za ta ƙara. Mai kwafe ya bar shi yadda yake, ya sa alamar tambaya a gefe, ya tambayi mai shi. Ni a ganina alamar tambaya guda a cikin saƙo ta fi saƙo mai tsafta da aka cike da zato, domin zaton idan ya shiga rubutun waya ba wanda zai iya bambanta shi da gaskiya.

Idan takardar daga Maraɗi ko Damagaram ta fito, a ƙara kula. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci suna rubuta 1 da dogon ƙugiya a gabansa, har ɗan Najeriya ya ɗauka 7 ne, su kuwa 7 ɗinsu suna gitta masa layi a tsakiya. Sannan a baki da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5, to sai a tabbatar ko 100 da ke rubuce sefa 100 ce ko dala 100, wadda ta kama sefa 500.

Yanzu ga makin, wanda shi ne ya fi komai jawo rigima, kuma shi aka fi yarwa wajen kwafe, don mutane suna ganin ba rubutu ba ne. A makaranta maki yana nufin daidai. A takardar cefane yana iya nufin an riga an saya. Yana iya nufin wannan dole ne, ko kuɗi bai isa ba a fara da shi. Yana iya nufin an duba, akwai saura a gida. Idan kuma takardar ta riga ta biya ta hannun mai shago, makinsa na nufin na saka a buhu. Ka ga ma'ana ta farko da ta biyu kishiyoyi ne: ɗaya ta ce kada a sayi shinkafa, ɗaya ta ce shinkafa ce kan gaba. Wanda ya karkata ga kuskure, ko dai a sayi abu sau biyu kuɗin nama ya tafi, ko a dawo gida a tarar babu abin ɗorawa.

Takardar kan ba da shaida ga mai lura. A duba tawada. Idan jerin da shuɗin biro ne maki kuma da baƙi ko fensir, to daga baya aka yi shi, wataƙila ma wani ne ya yi, kuma hakan ya fi kama da an saya. Makin da aka yi a tsaye a kasuwa, takarda a tafin hannu, yakan karkace, biro ya nutsa har ya kusa huda takardar. Wanda aka yi a zaune tare da rubutun yakan fito daidai da layinsa. Idan akwai farashi da aka ƙara a gefen duk abin da ke da maki, an saya ke nan. Idan kayan da ke da maki duk na rumfa ɗaya ne, kamar shinkafa da manja da akan samu wurin mai awo guda, nan ma akwai alamar an biya ta can. Duk wannan yana ƙarfafa zato ne kawai. A takardarmu man gyaɗa da wake ma a wurin mai awon suke, amma ba su da maki, to me ya sa? Ko babu su ne a ranar, ko makin na nufin wani abu daban. Tambaya guda ce ke kashe maganar: "Umma, makin nan na gefen shinkafa da manja, an saya ne ko a saya?"

Akwai kuma makin da ya faɗa tsakanin layi biyu, musamman a takarda marar layi inda rubutu ke gangarowa. A sa gefen wata takarda a ƙarƙashin layin, a bi gangaren rubutun, a ga inda gindin makin ya sauka, don daga nan biro ya juya. Jelarsa kan haura layin sama. Haka kuma maki idan ya matso kusa da lamba yakan rikiɗe ya zama 1 ko 7, sai kwano 2 ya koma 27.

Suga da aka soke shi ma a kwafe shi, a rubuta "an soke" a gefensa. Idan aka share shi gaba ɗaya, layuka sun koma takwas, mai dubawa ba zai san ko mantuwa aka yi ba.

Bayan an samu amsoshi sai a yi kwafi na biyu da cikakkun kalmomi, kowane kaya a layinsa, bisa jerin da mai takardar ta bi, don sau da yawa jerin nan hanyar da take bi ce a cikin kasuwa. A nan kada a tura alamar ✓ ita kaɗai, domin mai karɓa zai sake yin nasa zaton. A faɗa da baki: "Shinkafa kwano 2, an riga an saya. Wake kwano 1. Man gyaɗa kwalba 1. Manja rabin kwalba, an riga an saya." Haka har ƙasa. Sai a sake ƙirgawa, layi tara, maki biyu, a karanta wa mai takardar da murya tana ji. Kunnenta zai kama abin da idon mai kwafe ya tsallake.

Ku kuma masu rubutawa, iyayenmu da matanmu da masu kantuna, ku taimaka wa 'yan aike da abu biyu. Ku sa alamar ₦ a gaban duk lambar da take kuɗi ce, kuma a saman takarda ku rubuta abin da makinku ke nufi, ko da kalma biyu ce, kafin ku miƙa ta.