Tallar Neman Ma'aikaci: Me Ya Kamata A Rubuta, Me Ya Kamata A Goge?

Ga rubutaccen shirin na wannan makon domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Kwanakin baya wani abokina da ke da shagon kwamfuta a Samaru, irin waɗanda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke kai aikin bugawa da fotokwafi, ya turo min wata talla a WhatsApp, wai in taya shi yaɗawa. Ga abin da ya rubuta:

"Ana neman budurwa mai kyan gani, shekara 18 zuwa 25, mai digiri, Bahaushiya, lafiyayya. Albashi mai tsoka. Mai so ta yi magana."

Na kira shi na ce, "Malam, wane aiki za ta yi?" Ya yi dariya ya ce, "Aikin shago mana." Na ce, "To ai ba ka faɗa ba. Ka faɗi siffarta, ka faɗi shekarunta, ka faɗi ƙabilarta, amma aikin da kake neman a yi maka ko kalma ɗaya babu." Ya yi shiru. Daga baya ya gaya min wadda ya ɗauka a baya da irin wannan tallar wata biyu ta yi ta ajiye, don ita ta ɗauka karɓar kuɗi kawai za ta riƙa yi, sai ta tarar da tulin takardun ɗalibai na jiran bugawa.

Wannan shi ne maganarmu ta yau. Ƙa'idar guda ɗaya ce: duk sharaɗin da ka sa a talla, ka tambayi kanka, wane ɓangare na aikin ne yake buƙatar wannan? In ka sami amsa, bar shi. In ba ka samu ba, goge shi. Bari mu bi tallar abokina mataki-mataki mu gani.

Mataki na farko: fara da aikin, ba da mutumin ba

Na ce masa ya ba ni labarin rana guda a shagon, daga buɗewa zuwa rufewa. Sai ga shi abubuwa huɗu ne. Buga rubutun ɗalibai a Word da tsara shi yadda sashensu ke so. Fitar da takardu a firinta da yin fotokwafi. Haɗa takardu a ɗinke su su zama littafi. Sai karɓar kuɗi da rubuta cinikin rana kafin a tashi.

Na sake tambayarsa, wanne ya fi cin lokaci? Ya ce bugawa, musamman ƙarshen zango, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rububin miƙa kundin bincikensu. To kun ga, wannan shi ne zai zo a farko a tallar, kuma dole a faɗi cewa akwai lokacin da aiki ke yawa har a kai dare. Wanda ya san haka ya zo, ya zo da shirinsa. Wanda aka ɓoye wa, shi ne ke gudu a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ku kuma kula da jimlar nan da ake yawan liƙawa a ƙarshe, "da duk wani aiki da aka sa ka." Ta nan ne ma'aikacin kwamfuta ke komawa ɗan aike, yau cefanen gidan oga, gobe ɗauko yara daga makaranta. In akwai shara da goge injina a cikin aikin, a rubuta su da sunansu. Ba abin kunya ba ne, ɓoyewar ce matsala.

Mataki na biyu: ƙwarewa ta fito daga aikin

Yanzu kowane aiki a cikin huɗun nan sai ya haifi abin da ake buƙata. Bugawa na buƙatar iya Word da karanta Turanci, tunda da shi ɗalibai ke rubutu. Hulɗa da masu zuwa shago na buƙatar jin Hausa da Turanci. Rubuta ciniki na buƙatar lissafi da kula. Shi ke nan.

Ina digiri ya shigo? Babu. Akwai mai difloma daga Kwalejin Nuhu Bamalli, akwai wanda sakandare kawai ya gama amma ya shekara uku yana bugawa a wani shago a Sabon Gari, kuma zai iya fin mai digirin sauri. Sharaɗin digiri ya kore su duka, ba tare da ya ƙara wa shagon komai ba. Maimakon takarda, sai a yi gwaji: a ba kowa shafi biyu na rubutun hannu iri ɗaya, lokaci iri ɗaya, a ga wa ya fi sauri da ƙarancin kuskure.

A nan kuma a raba abu biyu: wanda dole ne, da wanda in an samu an ji daɗi. Abokina yana son mai iya CorelDRAW saboda wani lokaci ana kawo aikin katin biki. Amma ba kullum ba ne, kuma ana iya koya. Don haka ya shiga layin "ƙari ne, ba dole ba." In ka cakuɗa su, mutumin kirki mai gaskiya zai karanta ya ce bai cika ba ya haƙura, mai cika baki kuma ya turo.

Mataki na uku: kalmomin da ke rufe ƙofa

"Budurwa mai kyan gani." Wane aiki ne a cikin huɗun ke buƙatar kyau ko rashin aure? Babu. Kuma ku tambayi 'yan uwanmu mata, irin wannan kalmar tsoro take ba su, iyaye ma in sun gani ba za su bari a je ba. In tsafta da iya tarbar mutane ake nufi, a rubuta haka.

"Shekara 18 zuwa 25." Mu da muka yi jami'a mun san wannan ciwon. A 2020 yajin aikin ƙungiyar ASUU ya ci kusan wata tara, a 2022 ya ci wata takwas. Ƙara da jiran gurbin karatu da shekarar bautar ƙasa. Mutum ya fito yana da 27 ko 28 ba da laifinsa ba, sai talla ta ce ya tsufa. Abin da wannan sharaɗin ke haifarwa kawai shi ne rantsuwar ƙarya a rage shekaru. Ya isa a ce daga shekara 18 zuwa sama.

"Bahaushiya." Abin da shagon ke buƙata harshe ne, ba ƙabila ba. Duk wanda ya san Sabon Gari ya san akwai Yarabawa da Ibo da 'yan Kudancin Kaduna da aka haifa a nan, Hausarsu ta fi ta wasunmu. A rubuta "mai jin Hausa da Turanci," ƙofa ta buɗe wa kowa, kuma buƙatar shago ta biya.

"Lafiyayya." Mai buga rubutu a zaune yake aiki. Wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa, me zai hana shi? Abin da ya dace shi ne a faɗi yanayin wurin: shagon a ƙasa yake ko a bene, akwai matakala ko babu, ana ɗaga kwalin takarda ko a'a. Mai nema ya fi ka sanin abin da jikinsa zai iya.

Wani zai ce, to ba a taɓa ware jinsi ke nan? Ana yi, in aikin da kansa ya buƙata. Makarantar kwana ta 'yan mata da ke neman mai kula da ɗakin kwanansu tana da hujjar cewa mace take so. Tambayar dai ita ce waccan ta farko.

Me doka ta ce?

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, kodayake lafazinsa ya fi karkata ga dokoki da ayyukan gwamnati. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Mafi ƙarancin albashi kuwa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Wato ƙaramin shago irin na abokina ba ta tilasta masa ba. Shi ya sa rubuta adadin kuɗin ya zama wajibi a kansa. "Albashi mai tsoka" ba adadi ba ne. Wanda zai riƙa hawa mota daga Tudun Wada ko Kwangila kullum yana buƙatar ya yi lissafin kuɗin mota kafin ya ɓata ranarsa.

Ga yadda tallar ta koma

"Ana neman mai aikin kwamfuta, mutum ɗaya, a shagon buga takardu a Samaru, Zariya.

Aiki: buga rubutu da tsara shi a Word, firintin da fotokwafi, ɗinke takardu, karɓar kuɗi da rubuta cinikin rana, share shago da safe.

Dole: iya Word, jin Hausa da Turanci, iya lissafin ciniki, shekara 18 zuwa sama. Ba a neman digiri. Iya CorelDRAW ƙari ne, ba dole ba.

Lokaci: Litinin zuwa Asabar, 8 na safe zuwa 5 na yamma, da hutun sallah da abinci. Ƙarshen zango akan kai 8 na dare, ana biyan ƙarin lokacin.

Albashi: naira 50,000 a wata.

Shagon a ƙasa yake, babu matakala. Maza da mata da masu buƙata ta musamman, kowa na iya nema.

Za a yi gwajin bugawa na minti 20 a shago, da rana. Ba a biyan ko sisi don neman wannan aiki."

A ƙasa ya sa sunan shagon, adireshi, lambar waya da ranar rufewa. Waɗannan ma ba ado ba ne. Talla marar suna, marar adireshi, wadda ke neman kuɗin fom ko ta ce a haɗu a otal, ku yi nesa da ita. Kuma in an ɗauke ka, dokar ƙwadago ta ce a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da farawa. Ka adana hoton tallar a wayarka, ka gwada su da abin da aka ba ka.

Wani zai iya cewa dubu hamsin ta yi kaɗan, kuma yana da gaskiyarsa. Amma yanzu ya gani tun daga gida, ya yanke wa kansa hukunci, babu wanda ya yaudare shi.

Aikin gida na wannan makon: duk tallar aikin da ta shigo wayarku, ku bi ta layi-layi da tambayar nan, wane ɓangare na aikin ne ke buƙatar wannan? In ta ɗan uwa ce ko aboki, ku kira shi ku gyara tare kafin ku tura gaba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mai nema sa'a, Ya haɗa kowa da halaliyarsa.