Wasiƙar Neman Maido da Data: Yadda Ake Gabatar da Ƙorafi ga Kamfanin Sadarwa

Wasiƙar neman maido da data takarda ce da mai layi yake aika wa kamfanin sadarwa idan an zare masa data bai san inda ta tafi ba. A cikinta yana faɗin abin da ya saya, da abin da aka cire, da dalilin da ya sa bai amince da lissafin ba, sannan ya nemi a mayar masa da datar ko kuɗinta. “Sun shanye mini data” magana ce da ake ji kullum a rumfunan cajin waya, amma ma’aikacin kamfani ba zai iya bincike a kanta ba, domin babu rana, babu lokaci, babu adadi. Aikin wasiƙar shi ne mayar da wannan kuka ya zama lissafin da za a iya dubawa.

Lissafi biyu

Wurare biyu ne suke ƙirga datar da mutum ya yi amfani da ita. Na farko shi ne na’urar kamfani, wadda take rage abin da ya saya. Na biyu ita ce wayar da ke hannunsa, wadda take da nata ma’aunin. Ƙarfin wasiƙa yana cikin tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun.

Lissafin kamfani yana da sauƙin samu. Tun shekarar 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta daidaita gajerun lambobi a kan dukkan layuka, saboda haka lamba ɗaya ce take nuna ragowar data, ko layin MTN ne, ko Airtel, ko Glo:

```
*323#
```

Lissafin waya kuwa yana cikin Settings. A yawancin wayoyin Android akwai sashen da ake kira Data usage, wanda yake nuna jimillar abin da aka ci da kuma rabon kowace manhaja. A iPhone sashen yana ƙarƙashin Mobile Data ko Cellular. Akwai tarko a nan. Android takan ƙirga ne daga wata rana ta wata, sau da yawa ranar ɗaya, don haka sai mutum ya gyara ranar ta dace da ranar da ya sayi data. Ma’aunin iPhone kuma yakan ci gaba da tarawa har sai mai ita ya share shi da kansa. Wanda bai kula da wannan ba zai kwatanta adadin kwana goma da na wata uku, ƙorafinsa ya rushe tun kafin a karanta shi.

Ba a sa ran lissafin biyu su yi daidai cif, domin hanyar ƙirgarsu ta ɗan bambanta. Bambancin ’yan MB ba abin rubuta wasiƙa ba ne. Bambancin da ya kai GB da yawa shi ne yake buƙatar bayani.

Abin da ake dubawa kafin a rubuta

Sau da yawa ɓarawon yana cikin gida. Bidiyo mai kaifin hoto yana iya cin fiye da 1GB a awa guda, kuma idan sabis ya yi ƙarfi manhajar takan ƙara kaifin hoton da kanta. WhatsApp tana sauke hotuna da bidiyo daga guruf-guruf idan an bar ta. Waya takan sabunta manhajoji ko ta tura hotuna ma’ajiyar intanet cikin dare. Sai kuma Hotspot da aka manta a buɗe, alhali ’yan gida sun san lambar sirrinsa. Duk waɗannan suna bayyana a ma’aunin waya. Idan ma’aunin ya nuna cewa wayar ce ta ci datar, to maganin yana cikin Settings, kamfani ba zai maido da komai ba.

Akwai kuma abin da ya shafi sharuɗɗan tsarin da aka saya. Wasu tsare-tsaren sun haɗa da datar kyauta wadda take aiki da dare kawai, ko a kan wasu manhajoji kaɗai, ko wadda wa’adinta ya fi na asali gajarta. Mutum zai ga adadi mai yawa yau, gobe ya tarar an rage, alhali kyautar ce ta ƙare. Saƙon tabbatarwa da kamfani yake turowa bayan saye yakan fayyace wannan, shi ya sa ba a goge shi.

Idan kuɗin kati ne yake raguwa, dalilin na iya zama wani tsari na waƙa ko labarai ko wasa da aka ɗora wa layin. Lambar `*305#` ita aka ware don tsayar da irin waɗannan, kuma ƙa’idar NCC ta hana a saka mutum a wani tsari ba da yardarsa ba. Sai bayan an tace duk waɗannan aka ga har yanzu akwai giɓi ne wasiƙa take da gurbi.

Misali

A ɗauka wani tela ne a Kano da yake tura wa masu ɗinki hotunan kaya ta waya. Ranar 3 ga Maris ya sayi 10GB na kwana talatin, a ce a kan naira 4,500. Ranar 7 ga wata da ƙarfe 10 na dare ya duba ragowa, ya ga 7.2GB, ya ɗauki hoton fuskar wayar. Ma’aunin wayarsa a lokacin yana nuna ya ci 2.8GB. Idan aka haɗa biyun an sami 10GB, ke nan zuwa wannan lokaci babu saɓani.

Washegari da ƙarfe 6:30 na safe ragowar ta koma 2.1GB, ma’aunin waya kuma yana kan 2.9GB. Kamfani ya cire 5.1GB cikin dare, wayar ta shaida 0.1GB kacal. Abin da ake jayayya a kansa shi ne 5GB, rabin abin da ya saya, wanda kuɗinsa ya kama naira 2,250. Telan ya duba Hotspot ya tarar a kashe, kuma layin bai fita daga wayar ba. Ya kira 300, lambar sashen kula da abokan hulɗa, ya shigar da ƙorafi, ya nemi a ba shi lambar ƙorafin ya rubuta ta. Da kwanaki suka wuce bai ji komai ba, sai ya rubuta wasiƙa. A samanta ya sa kwanan wata, da lambar layin, da lambar ƙorafin, sannan ya ci gaba kamar haka:

> Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Hulɗa,
>
> Ƙorafi kan cire 5GB daga layina da neman a maido
>
> Bayan gaisuwa. Ranar 3 ga Maris na sayi tsarin 10GB na kwana talatin a kan naira 4,500. Ranar 7 ga Maris da ƙarfe 10 na dare ragowata 7.2GB ce. Ranar 8 ga Maris da ƙarfe 6:30 na safe ta zama 2.1GB. A wannan tsakanin ma’aunin wayata ya nuna 0.1GB kawai na yi amfani da shi. Hotspot a kashe yake, kuma layin bai shiga wata waya ba.
>
> Na kira 300 ranar 8 ga Maris, aka ba ni lambar ƙorafin da ke saman wannan takarda, amma har yau ban sami amsa ba.
>
> Ina neman abubuwa biyu. Na ɗaya, a aiko mini da cikakken bayanin amfani da data na layina daga ƙarfe 10 na daren 7 ga Maris zuwa ƙarfe 6:30 na safiyar 8 ga Maris. Na biyu, a maido mini da 5GB tare da wa’adin da zai ishe ni amfani da ita, ko kuma kuɗinta, naira 2,250.
>
> Na haɗa da saƙon saye, da hotunan ragowa guda biyu, da hotunan ma’aunin wayata. Ina sa ran amsa a rubuce cikin kwana bakwai. Idan ban samu ba zan miƙa batun ga NCC.
>
> Na gode.

Daga ƙasa ya sa cikakken sunansa kamar yadda yake a rajistar layin, ya sa hannu.

Dalilin kowane sashe

Wasiƙar ta taƙaita jayayya zuwa awa takwas da rabi. Wannan yana da amfani, domin kamfani yana ajiye bayanin kowane lokaci da layi ya hau intanet da yawan abin da ya ci. Binciken dare ɗaya abu ne da ma’aikaci zai iya yi a zama guda, ba kamar an ce masa ya duba wata guda ba.

Neman bayanin amfani ya zo kafin neman biya saboda shi ne yake raba gardama. Idan bayanin ya nuna layin bai ci 5GB a daren ba, kuskure ya tabbata daga kamfani. Idan ya nuna an ci, to akwai tambayar da za a sake yi: a wane lokaci, kuma me ya sa wayar ba ta ƙirga ba?

Batun wa’adi ma ba ƙarami ba ne. Datar da aka maido saura kwana ɗaya tsarin ya ƙare ba ta da wani amfani sosai, shi ya sa telan ya ambaci wa’adi a fili. Kwana bakwai da ya bayar kuwa zaɓinsa ne, amfaninsa shi ne ya zama akwai ranar da za a ce an wuce.

Akwai abubuwan da ba sa shiga wasiƙar. Zagi da kiran kamfani ɓarawo ba sa ƙara mata nauyi. Ba a sa lambar sirrin banki, ko lambar BVN, ko lambar tantancewa da aka turo ta saƙo, kuma duk wanda ya kira ya nemi waɗannan da sunan maido da data ɗan damfara ne. Sunan mai ƙorafi kuma ya dace da na rajistar layin, domin kamfani yana iya ƙin bai wa wani bayanan layin da ba nasa ba.

Miƙawa da abin da yake biyo baya

Ana iya kai wasiƙar ofishin kamfani hannu da hannu, ko a tura ta adireshin imel da ke shafinsa na hukuma. Wanda ya kai da kansa ya tafi da kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ya dawo da shi. Harkokin ofisoshin nan da Turanci aka fi gudanar da su, saboda haka wanda ya tsara wasiƙarsa da Hausa yana iya haɗawa da fassara, matuƙar alƙaluman ba su canza ba.

Amsa takan zo ta ɗaya daga hanyoyi uku: a maido da datar, ko a aiko da bayanin da ya nuna inda ta tafi, ko a yi shiru. Idan an yi shiru, ko amsar ba ta taɓa alƙaluman da aka gabatar ba, mataki na gaba shi ne NCC, wadda Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003 ta ɗora wa alhakin kare masu amfani da layuka. Lambarta ta ƙorafi ita ce 622, kuma kiran kyauta ne. Tsarin hukumar shi ne mutum ya fara da kamfaninsa kafin ya zo wurinta, don haka za a nemi lambar ƙorafin da kamfani ya bayar. Mai ƙorafi ya ajiye ta kusa, tare da kwafin wasiƙarsa da hotunan da ya ɗauka, kafin ya buga kiran.