Saƙon da ake tura wa wanda bai zo ba

A ce dillalin gidaje ne ya yi da wani Alhaji za su haɗu a Hotoro, cikin Kano, da ƙarfe 4:30 na yamma, ya nuna masa gidan haya. Ya karɓo mabuɗi wurin mai gida, ya biya kuɗin Adaidaita Sahu, ya tsaya a ƙofar gidan har aka kira Magariba. Ya buga waya sau biyu, tana shiga ba a ɗauka. Tela da mai ƙunshi da malamin da ke koyarwa gida-gida duk sun san wannan jira. Abin da ya rage wa dillali yanzu saƙo ne guda ɗaya.

Kada ya rubuta shi yana tsaye a ƙofar gidan, don zafin rai sai ya fito a cikin kalma ko da an yi ƙoƙarin ɓoye shi. Ya bari sai bayan Isha'i, ko washegari da safe. Amma kada ya wuce kwana ɗaya. In aka daɗe, kunya takan kama wanda ya saɓa alkawarin har ya gwammace ya nemi wani dillalin da ya fuskanci wannan.

Ga irin abin da ya dace: "Assalamu alaikum, Alhaji. Dillalin gidan Hotoro ne. Na je yau da ƙarfe 4:30 kamar yadda muka yi, Allah bai haɗa mu ba. Allah ya sa lafiya. In har yanzu ana son ganin gidan, zan samu dama ranar Laraba da ƙarfe 10 na safe, ko Asabar da ƙarfe 4:30 na yamma. Wanne ya fi maka? In kuma an fasa, ba komai, a dai sanar da ni in mayar wa mai gida mabuɗinsa."

"Allah ya sa lafiya" ba ladabi ba ne kawai. A ƙasarmu mutum na iya rasuwa da hantsi a kai shi makwanci bayan Azahar, kuma wanda ke wurin jana'izar ɗan'uwansa ba ta waya yake ba. Haka haihuwa, haka gudu zuwa asibiti. Wanda ya tura "ka ɓata mini lokaci", amsa ta zo masa da labarin rasuwa, ya jawo wa kansa kunyar da ba ta gyaruwa. Shi ya sa kuma aka ce "Allah bai haɗa mu ba" maimakon "ba ka zo ba". An faɗi gaskiyar abin da ya faru, ba a ɗora wa kowa laifi ba.

Tambayoyi biyu ne a cikin saƙon, kuma mutane sukan manta ta farko: shin ana so a sake haɗuwa ma kuwa? Bahaushe bai cika son cewa a'a kai tsaye ba. Wataƙila Alhaji ya samu gida mai rahusa, ko iyalinsa sun ce unguwar ta yi nisa da makarantar yara, sai ya zaɓi shiru. "In an fasa, ba komai" ita ce ke buɗe masa hanyar fita da mutuncinsa, dillali kuma ya huta da jiran gawon shanu.

Sai batun yaushe. "Yaushe kake da lokaci?" tambaya ce da ke haifar da "zan neme ka". Ranaku biyu da sa'o'insu sun isa a zaɓa. A ambaci ƙarfe nawa, domin "bayan La'asar" na iya zama ƙarfe 4, yana iya zama dab da Magariba, kuma sau da yawa saɓanin farko ma daga nan ya taso. A kuma kauce wa tsakiyar ranar Juma'a.

In wanda ake nema bai saba da karatun boko ba, saƙon murya ya fi, muddin bai wuce rabin minti ba. Sai dai murya na tona fushi fiye da rubutu, don haka a saurara kafin a tura. Alamar shuɗiya ta WhatsApp kuwa, a yi kamar ba a gani ba. "Na ga ka karanta" neman faɗa ne.

Amsar da ta zo da "in sha Allah" haɗe da rana da sa'a, alkawari ne, sai a tuna masa da safiyar ranar. Wadda ta zo da "in sha Allah za mu haɗu" kawai, ba a tsayar da komai ba tukuna. In an yi shiru kwana biyu, a ƙara gajeren saƙo ɗaya mai wa'adi: "Alhaji, zan riƙe mabuɗin zuwa Asabar, daga nan zan mayar." In Alhaji ya sake saɓawa karo na biyu ba tare da uzuri ba, dillali ya daina yanka rana. Ya ce masa ya kira idan ya iso ƙofar gidan, sannan shi ya taso.