Takardar Neman Biya Mai Maimaituwa: Ranar Fitarwa da Ƙarin Kuɗin Haya

Takardar neman biya ita ce wadda mai shago, mai gida ko kamfani ke aika wa wanda ake bi kuɗi, ta nuna abin da ake bin sa, dalilin bashin, da ranar da ya kamata ya biya. Ta bambanta da rasit, domin rasit shaida ce ta cewa kuɗi sun riga sun shiga hannu, ita kuwa wannan tana zuwa ne kafin biya. Idan abin da ake biya yana dawowa kowane wata ko kowace shekara, kamar kuɗin hayar shago, kuɗin intanet, kuɗin gadi ko na kwashe shara, babu dalilin zama a rubuta takarda ɗaya sau goma sha biyu da hannu. Ana tsara samfuri guda a manhaja, a sa mata suna da adadi da lokaci, ita kuma ta riƙa fitar da sabuwa duk sa'ad da lokacin ya zagayo.

Samfurin daban yake da takardun da ke fitowa daga gare shi, kuma duk wanda ya riƙe wannan bambanci ya rage wa kansa rigima mai yawa. Samfuri kamar hatimi ne, ana iya sake sassaƙa shi a kowane lokaci. Takardar da aka riga aka buga aka miƙa wa ɗan haya kuwa ta zama shaida, tana da lambarta da ranarta, kuma ba a sake taɓa ta ko da an gano kuskure a ciki.

A ɗauki misalin mutumin da ke kula da bene mai shaguna 20 a Kano, kowane shago ana biyan hayarsa naira 30,000 a wata. Kowace takarda da zai fitar tana ɗauke da ranaku iri uku, waɗanda mutane kan rikita su. Akwai ranar fitar da takardar, akwai ranar ƙarshe ta biya, sannan akwai tsawon lokacin da kuɗin suka rufe. Takardar hayar watan Mayu, alal misali, tana iya fita ranar 25 ga Afrilu, wa'adin biyanta ya kasance 5 ga Mayu, lokacin da ta rufe kuma daga 1 zuwa 31 ga Mayu. Ya kamata a rubuta na ukun ƙarara a jikin takardar. Galibin gardamar "ai na biya na wannan watan" tana tasowa ne daga takardar da ta nuna ranar fitarwa kawai, ɗan haya ya ga Afrilu a sama ya ɗauka na Afrilu ne.

Kuskure na farko wajen sa na'ura ta riƙa fitar da ranaku shi ne a ce mata "duk bayan kwana 30". A ido kwana 30 wata ne, amma a lissafi ba haka ba. Idan aka fara ranar 1 ga Janairun 2025, takarda ta biyu za ta fito 31 ga Janairu, ta uku kuma 2 ga Maris. Ke nan Janairu ya sami biyu, Fabrairu bai sami ko ɗaya ba. Bugu da ƙari, sau 12 na kwana 30 kwana 360 ne, shekara kuwa 365, saboda haka ranar tana gocewa da kwana 5 duk shekara, kuma cikin kimanin shekara 6 ɗan haya ya biya kuɗin wata guda na ƙari ba tare da kowa ya nufa ba. Abin da ake so a zaɓa shi ne "kowane wata, a rana kaza".

Wannan ma yana da tarkonsa, ga wanda ya shiga shago a ƙarshen wata. Ɗan hayan da ya karɓi makulli ranar 31 ga Janairu, yaushe ne watansa zai cika, tunda Fabrairu ba shi da 31? Manhajojin Excel da Google Sheets suna da umarnin da ke ƙara watanni a kan rana, kuma idan watan da aka faɗa bai kai ba, sai ya tsaya a ranarsa ta ƙarshe:

```
=EDATE($B$2, 1)
```

Idan gidan B2 yana ɗauke da 31 ga Janairun 2025, amsar ita ce 28 ga Fabrairu. A shekarar da Fabrairu ke da kwana 29, kamar 2024, za ta ba da 29. Matsalar tana shigowa ne a layi na gaba. Wanda ya sa kowane layi ya ƙara wata ɗaya a kan layin da ke samansa zai sami 28 ga Maris, sannan 28 ga Afrilu, haka nan har abada, domin 31 ɗin ta ɓace tun a Fabrairu. Hanyar da ta dace ita ce a riƙa lissafi kullum daga ranar asali, a canza adadin watanni kawai: 1, 2, 3. Da haka Maris zai dawo 31, Afrilu ya tsaya a 30. Alamomin dala da ke cikin umarnin aikinsu ke nan, suna ɗaure gidan B2 kada ya motsa idan aka ja umarnin ƙasa. Idan amsar ta fito da lamba irin 45716 maimakon rana, ba kuskure ba ne, gidan ne ba a saita shi ya nuna kwanan wata ba.

Mai kula da shaguna da yawa ya fi samun sauƙi idan ya mayar da kowa kan rana guda, wato 1 ga wata, ya caji wanda ya shigo a tsakiya kuɗin kwanakin da suka rage kawai a takardarsa ta farko. Akwai kuma abin lura ga waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da watannin Musulunci: shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, kuma umarnin da ke sama da watannin Miladiyya yake aiki. Haya da aka ce daga Muharram zuwa Muharram ba za a bar ta ga wannan lissafi ba.

Ƙarin kuɗi shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. A ce mai bene ya yanke cewa haya za ta tashi daga 30,000 zuwa 36,000. Abin da hannu ke saurin yi shi ne a je gidan da aka rubuta 30,000 a goge a sa 36,000. In duk layukan suna ɗauko farashi daga wannan gida ɗaya, to har watannin da suka wuce za su koma 36,000, kuma nan take littafi zai nuna ana bin kowane ɗan haya bashin 6,000 a kowane watan da ya riga ya biya cif. Alamar wannan kuskure ba ta ɓuya: bashi iri ɗaya ya bayyana a kan kowa a rana guda, har da mutanen da ba su taɓa latti ba.

Maganinsa shi ne kada a goge tsohon farashi. A ware shafi mai suna Farashi, a rubuta kowane adadi tare da ranar da ya fara aiki: 25,000 daga 1 ga Janairun 2024, 30,000 daga 1 ga Janairun 2025, 36,000 daga 1 ga Mayun 2025. Kowace takarda sai ta nemo farashin da ya dace da lokacinta:

```
=LOOKUP(C5, Farashi!$A$2:$A$4, Farashi!$B$2:$B$4)
```

Umarnin yana duba ranar da ke gidan C5, ya ɗauko farashin ƙarshe da ya fara aiki a ranar ko kafin ta, amma sai an jera ranakun daga tsohuwa zuwa sabuwa. Ranar da za a sa a C5 ita ce ta farkon lokacin da kuɗin suka rufe. Takardar Mayu da ke fita 25 ga Afrilu dole ta ɗauki 36,000, alhali idan aka ɗaura ta da ranar fitarwa za ta ɗauki 30,000, mai gida ya yi asarar 120,000 a shaguna 20 cikin wata ɗaya.

Wani lokaci ƙarin yakan faɗo a tsakiyar wata. A ce an amince sabon farashi ya fara ranar 11 ga Afrilu. Afrilu kwana 30 ne, don haka tsohon farashi naira 1,000 ne a rana, sabo kuma 1,200. Kwana 10 na farko sun kama 10,000, kwana 20 na ƙarshe 24,000, jimilla 34,000. Ya kamata takardar ta nuna layukan biyu daban-daban, domin ɗan hayan da ya ga 34,000 a dunƙule, adadin da ba tsoho ba kuma ba sabo ba, yana da haƙƙin ya tambaya. Idan kuwa takardar Afrilu ta riga ta fita da 30,000, sai a fitar da wata ƙarama ta cikon 4,000, mai sabuwar lamba, wadda ta ambaci lambar ta farko. Haka ma idan rage kuɗi aka yi: ana ba da takardar ragi, a cire adadinta daga biya na gaba. Duk wannan wahala ana kauce mata idan aka sa ƙari ya fara da farkon wata, kuma shi ne ya fi adalci ga ɓangarorin biyu. Wanda ya biya shekara gaba ɗaya tun farko kuwa, ƙarin ba ya hawansa sai wa'adinsa ya cika, sai dai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, don haka ranar fara sabon farashi tana iya bambanta daga shago zuwa shago.

Manhaja ba ta sanar da mutum ƙari a madadin mai gida. Bai dace ɗan haya ya fara ganin sabon adadi a jikin takardar neman biya ba. Sanarwa a rubuce tana zuwa tun da wuri, gwargwadon wa'adin da yarjejeniya ta tanada, ta faɗi tsohon farashi, sabo, da ranar farawa. Wannan yana da wani amfani na zahiri: wanda ya ba bankinsa umarnin tura 30,000 kowane wata, bankin zai ci gaba da tura 30,000 har sai shi da kansa ya canza. Ragowar 6,000 da ke maimaituwa a kan mutum ɗaya wata bayan wata galibi daga nan take, ba daga taurin bashi ba.

Canjin adadi ba kullum daga mai kaya yake zuwa ba. A Nijeriya harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020. Kamfanin da ke cajin 10,000 a wata kan hidimar da harajin ya shafa, harajinsa ya koma 750 daga 500. Wanda ya ware haraji a layinsa na daban, da ranar fara aikinsa, lamba ɗaya ya ƙara. Wanda ya cusa shi cikin farashi ya rubuta 10,500 a dunƙule sai da ya bi samfuransa ɗaya bayan ɗaya.

Saura batun tsayawa. Samfurin da ba a sa wa ranar ƙarewa ba zai ci gaba da fitar da takarda ga ɗan hayan da ya kwashe kayansa tun watanni uku, littafi ya cika da bashin da babu shi. Ana sa ranar ƙarewa daidai da ta yarjejeniya, a sabunta ta idan an sabunta haya. Yawancin manhajojin lissafin kuɗi suna ba da zaɓi biyu, ko su aika takarda kai tsaye ko su ajiye ta a matsayin daftari har mutum ya duba. A watannin da babu abin da ya canza, aikawa kai tsaye ba ta da laifi. A watan da farashi ya tashi, ko wani ya shigo, ko wani ya fita, ya fi kyau a bar su a daftari, a ƙirga su a ga sun yi daidai da shagunan da ke da mutane, a tabbatar babu shagon da ya sami takarda biyu na lokaci guda, sannan a aika.