Ɗakin da ya kwana babu baƙo

Mai tumatir a kasuwar ’Yankaba yana da damar da mai otal ba shi da ita. In kwandonsa ya yi kwantai yau, gobe ya karyar da shi ya kama wani abu. Ɗakin otal kuwa, in aka wayi gari babu wanda ya kwana a ciki, kuɗin wannan dare sun tafi ke nan har abada, alhali albashin ma'aikata da kuɗin haya ba su ragu da ko kwabo ba. Wannan tsoron ne ke sa masu ƙananan otal saurin karya farashi da zarar baƙi sun ɗauke ƙafa, kuma a nan ake yawan tafka asara.

Mu ƙaddara wani otal mai ɗaki 20 a Kano, kowane ɗaki naira 20,000. Azumi ya shigo, bukukuwa da taruka sun lafa, ɗaki 6 kaɗai ake kamawa a dare, wato naira 120,000. Amma kowane baƙo yana zuwa da nasa kashin kuɗi: wankin zanen gado da tawul, sabulu, ruwa, uwa uba man janareto don na'urar sanyaya ɗaki. A ce naira 6,000 ne a kan kowane ɗaki. In an cire, saura 84,000.

Sai manaja ya ga shiru ya yi yawa, ya mayar da ɗaki 14,000. Baƙi suka ƙaru zuwa 9, aljihun tebur ya nuna 126,000, kowa na murna. To, a sake lissafi. Hidimar ɗaki tara ta cinye 54,000, abin da ya rage 72,000 ne. An ƙara wahala, riba ta ragu da 12,000 kowane dare, domin mutum shidan nan da ke shirye su biya 20,000 su ma sun ci ragin. Kafin wannan ragi ya mayar da kuɗinsa sai an cika ɗaki 11, kusan ninkin na da. Kuma araha ba ta taso matafiyi daga gidansa. Wanda ba shi da abin yi a Kano ba zai zo don ɗaki ya sauka ba. Iyakaci a janyo baƙon otal ɗin maƙwabta, su ma gobe su karya nasu.

Abin da ya fi shi ne a bar farashin allo yadda yake, a yi wa wanda ya kawo sabon ciniki ragi: kamfanin da zai ajiye ma'aikatansa mako guda, ko ƙungiyar da za ta kama ɗaki biyar don taron bita. Sauran baƙi a ƙara musu sahur da buɗa-baki kyauta, wanda kuɗinsa bai kai ragin 6,000 ba. A kuma tattara su a ɓangare ɗaya don ƙaramin janareto ya wadatar.

Da Sallah lissafin juyawa yake yi. Masu zuwa kallon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da masu ziyarar dangi duk suna neman masauki. Manajan da ya cika ɗakunansa mako uku kafin Sallah yana ganin ya yi kasuwa, ni kuwa a ganina ya sayar da araha ne. Da hawa-hawa ya bi, ɗaki 8 na farko a 25,000, 8 na biye a 30,000, huɗun ƙarshe a 35,000, da ya tashi da 580,000 a dare maimakon 400,000. In kuma ɗakunan farko suka ƙi tafiya, alama ce kada a ƙara. Sharaɗi biyu ne ke tsare wannan ciniki: kwana biyu mafi ƙaranci, da kafin alƙalami, don kada wani ya riƙe ɗaki da baki ya ƙi zuwa. A faɗa wa baƙo tun farko ƙa'idar mayar da kuɗi, tunda an sha dakatar da hawan a shekarun nan.

Sai a yi hattara da tsohon abokin ciniki. Alhajin da ke zuwa sari Kantin Kwari daga Maraɗi kowane wata, shi ke riƙe otal da damina. In aka yanka masa farashin Sallah, ribar dare biyu ce za ta kore shi shekara guda.

Duk wannan ba ya buƙatar komai sai littafi: kowane dare a rubuta ɗaki nawa aka kama, a nawa, mutum nawa aka mayar don babu wuri. A rubuta kwanan watan Musulunci kusa da na Bature, domin azumi da Sallah suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Wanda ya dubi Afrilun bara ya yanka farashin Afrilun bana zai iya tsawwala kuɗi a makon da gari ya watse.