Hayaƙin injin tarbain: yaushe ake cin moriyarsa?

Injin tarbain mai ƙona gas aiki uku yake yi a jere. Kwamfuresa ta zuƙo iska ta matse ta, a ƙona gas a cikinta, sai iskar mai zafi ta faɗaɗa ta juya fukafukan tarbain. Abin da ya fita ta bututun hayaƙi kuwa yana nan da zafinsa, shi ya sa injiniyoyi ke saka na'urar musayar zafi, wato rijanareta, domin hayaƙin ya ɗumama matsattsiyar iskar kafin ta shiga ɗakin wuta. Iskar da ta shigo da ɗuminta ba ta cin mai sosai.

Sai dai da sharaɗi. Zafi daga mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi, don haka dole hayaƙin ya fi iskar kwamfuresa zafi. A nan ninkin matsi ke shigowa, wato sau nawa kwamfuresa ta ninka matsin iskar waje.

Mu ɗauki injin da babu asara a cikinsa: iska na shiga da zafin Kelbin 300, tana isa bakin tarbain da 1200. Idan ninkin matsi 4 ne, iska na barin kwamfuresa da 446, hayaƙi kuma na fita da kusan 807. Wannan tazara babbar ganima ce. Ba rijanareta, kashi 33 cikin ɗari na zafin man ne ke zama aiki. Da ita kuwa, kashi 63.

To, a ɗaga ninkin zuwa 8. Matsa iska na ƙara mata zafi, ta kai 543, faɗaɗa mai yawa kuma na huce hayaƙi zuwa 662. Injin da ba rijanareta ya haura kashi 45, mai ita ya sauko 55. Lissafin mai rijanareta ke nan, inda T1 ne zafin iskar da ke shiga, T3 kuma na bakin tarbain:

```
η = 1 − (T1/T3) × r^0.286
```

Duk lokacin da r, ninkin matsi, ya ƙaru, riba raguwa take yi. A wajen 11.3 zafin biyu ya haɗu a 600, kowane inji na ba da kashi 50. Daga nan sama na'urar ɓarna take yi, domin iskar ce za ta riƙa ɗumama hayaƙi.

Waɗannan alƙaluma na takarda ne. Rijanareta ta gaske ba ta kwashe zafin duka, tana kuma rage matsin iskar da ke ratsa ta, don haka idan ninkin ya yi ƙasa ainun asara na cinye ribar. Duk da haka hukuncin bai canja ba. Ƙananan injuna masu ninkin matsi wajen 4 suna dogara da ita, haka ma injin AGT1500 na tankar yaƙin Amurka, M1 Abrams. Manyan tashoshin lantarki masu matsi mai yawa kuwa sun fi tura hayaƙinsu tukunyar tururi, ya juya wani tarbain na biyu.