Inda “ba ni shi” ke kayar da mai koyon Faransanci

A ce littafinka yana hannun abokinka, kana son ya miƙo. Bahaushe zai ce “ba ni shi”, wato mai karɓa ya fara zuwa, sannan abin da za a karɓa. Shi ya sa bakin ɗalibi a Maradi ko Damagaram ke saurin furta donne-moi-le. Faransawan ma sukan faɗi haka a hira, amma malami zai ja masa jan biro.

Daidai shi ne donne-le-moi. A umarni aikatau ne ke gaba, sai wakilin sunan abin (le, la ko les), mai karɓa kuma a ƙarshe. Karan ɗori biyu ne ke haɗe su ukun, domin wakilan sunan sun koma bayan aikatau.

Da zarar hani ya shigo, tsarin ya juye: ne me le donne pas. Wakilan sunan sun dawo gaban aikatau, kamar a jumlar yau da kullum, don haka karan ɗori ya faɗi. Moi ya koma me, ya kuma sha gaban le. Wannan karon jerin ya dace da Hausa: kada ka ba ni shi.

Sai dai lui da leur ba sa sauya wuri, kullum bayan le suke: donne-le-lui, ne le lui donne pas. In ka ga karan ɗori tsakanin ne da pas a irin wannan jumla, koma ka gyara.